Mayar da takardun amsar jarrabawa zuwa rubutun kwamfuta

Mayar da takardun amsa zuwa rubutun kwamfuta hanya ce ta ɗaukar hoton abin da ɗalibi ya rubuta da hannu, a sa manhaja ta karanta shi, sannan malami ya yi maki a kan allo. Jimloli kawai ake juyawa. Zane, jadawali da matakan lissafi ana barin su a matsayin hoto, a saka alamar gurbi a daidai inda suke cikin amsar. Wannan ya bambanta da takardar canki-canki ta WAEC ko NECO, inda na'ura ke duba wurin da aka cike da fensir, ba ta karanta komai.

Ɗaukar hoto da karantawa

Ana ɗaukar kowane shafi a kan `300 dpi`, wato ɗigo 300 a kowane inci, cikin launin toka-toka, domin baƙi da fari zalla yakan shafe rubutun fensir mai rauni. Shafin A4 a wannan ma'auni yana da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kuma da waɗannan lambobi ake nuna wurin kowane zane. A Sakkwato, musamman lokacin hunturu, sai an riƙa goge gilashin na'urar, saboda ƙwayar ƙura ɗaya tana iya fitowa kamar ɗigon lissafi, ta mayar da 45 ya koma 4.5.

Manhajar Tesseract an gina ta ne don rubutun ɗab'i, ba ta da ƙarfi a kan rubutun hannu. Irin su Transkribus ne aka tsara don wannan aiki. Ana auna su da yawan haruffan da suka kuskure cikin ɗari. Kuskure 5 cikin 100 kamar ƙarami ne, amma a kalmomi masu haruffa biyar yana nufin fiye da kalma ɗaya cikin biyar ta taɓu.

Dalilin barin gurbi

Manhaja tana bin layi daga wannan gefe zuwa wancan, shi kuwa lissafi ana shimfiɗa shi sama da ƙasa. Da zarar an miƙe shi a layi guda, x² sai ya koma x2, kaso ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa, abin da ɗalibi ya soke kuma ya dawo tamkar ba a soke ba. To a waɗannan matakan ne mafi yawan maki yake. A jagoran makin lissafi irin na WAEC, M na hanyar aiki ne, A na daidaiton amsa, B kuma makin da ke tsaye da kansa.

Misali, a wata sakandare ta Sakkwato an tambayi ɗalibai tsayin da tsani mai mita 10 zai kai a jikin bango idan ya yi kusurwar 60° da ƙasa. Maki uku ne: B1 na zane, M1 na sin 60° = h/10, A1 na amsar 8.66. Wata ɗaliba ta zana alwatika daidai, ta fara da cos, ta soke, ta koma sin, amma a ƙarshe ta juya lambobi ta rubuta 6.86. Rubutun da zai isa gaban malami shi ne:

```
4. Bari h ya zama tsayin da tsani ya kai.
[ZANE 1 | shafi 3 | 210,840,1300,1620]
[LISSAFI 1 | shafi 3 | 210,1650,1900,2300]
Saboda haka h = 6.86 m
```

Lambobi huɗun nan su ne kusurwar sama ta hagu da ta ƙasa ta dama na yankin da aka yanko. Malami yana latsa gurbin sai hoton ya buɗe, ya ga zanen da soken da ta yi, ya ba ta biyu cikin uku. Da an jefar da zane da matakan, layin farko da na ƙarshe kaɗai zai gani, ta tashi da sifili.

Inda ake samun matsala

Kuskure mafi wuyar ganewa shi ne gyaran da ba a nema ba. Manhajar da ke hasashen kalma ta gaba takan daidaita rubutun da ɗalibi ya kuskure, alhali a takardar Turanci ko Hausa wannan kuskuren ne ake cire wa maki. A Hausa akwai ƙarin damuwar haruffa masu ƙugiya: idan samfurin manhajar bai koyi ɓ, ɗ da ƙ ba, zai karanta “baƙi” a matsayin “baki”, a ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba. Takardun Larabci da Nazarin Addinin Musulunci kuma sukan haɗa boko da aya a shafi ɗaya, don haka ya fi aminci a bar ayar a gurbi idan ba a da samfurin Larabci.

Kafin a fara maki ana ƙirga gurabe a gwada da yawan hotunan da aka yanko, a kuma duba cewa lambobin tambayoyi sun cika. Kalmar da manhaja ta yi shakka a kanta ana yi mata alamar `[?]`. Takardar asali kuma ana ajiye ta, domin ita ake ɗaukowa idan ɗalibi ya nemi a sake duba makinsa.