Tsani na zamewa, mazurari na cika: tambayoyi kan lissafin sauri masu alaƙa

Tambaya: Malam, wannan lissafin na tsani da ake bamu a kalkulas ya ruɗa ni. Tsanin mita 5 ne, gindinsa na zamewa daga bango mita 0.4 duk sakan, wai a nemo saurin saukar kansa lokacin da gindin ya kai mita 3 daga bango. Ta ina zan fara?

Amsa: Zana hoton tukuna, ɗalibi. Bango a tsaye, ƙasa a kwance, tsani a jingine, kaga ya zama tirayangul mai kusurwa digiri 90. Nisan gindi daga bango ka kira shi x, tsayin kan tsanin daga ƙasa y. Su biyun nan canzawa suke yi duk sakan, tsanin kuwa mita 5 ɗinsa ne komai ta fanjama fanjam, kuma shi ne ya ɗaure su tare:

x² + y² = 25

Toh sai ka yi difarenshiyeshan da lokaci, wato t, tunda x da y duk lokaci ne ke tafiyar da su, shi yasa cen rul zai liƙa wa kowanne jelarsa, 25 kuma ta koma sifili don bata motsi:

2x(dx/dt) + 2y(dy/dt) = 0

Sai yanzu lamba zata shigo. In x = 3, y² = 25 − 9 = 16, y = 4 kenan. Saurin zamewar gindin kuma shi ne dx/dt = 0.4. Zuba su: 2(3)(0.4) + 2(4)(dy/dt) = 0, wato 2.4 + 8(dy/dt) = 0, sai ka samu dy/dt = −0.3. Kan tsanin na sauka mita 0.3 duk sakan. Wannan mainas ɗin kar ka goge shi don Allah, shi ke nuna y raguwa yake yi.

Tambaya: Ni na sa 3 tun farko sai na samu sifili, me ya faru?

Amsa: Kamar ka ɗauki hoton abu ne sannan kana tambayar hoton saurin gudunsa. Da ka rubuta 3² + y² = 25 ka riga ka kafe gindin tsanin a wuri ɗaya, y ma dole ya tsaya a 4, abin da baya motsi kuwa deribatif ɗinsa sifili ne. Ita 3 ɗin nan ta ƙiftawar ido ce kawai, gindin zai taka ta ya wuce, amma 5 tana nan daga farko har ƙarshe shi yasa aka yarda ta shiga tun da wuri. A ganina rabin makin da ake zubarwa a nan yake tafiya, duk lokacin da kaga sifili ya fito alhali abu na motsi ƙiri-ƙiri, koma ka duba ko ka yi gaggawar zuba lamba.

Tambaya: Gindin saurinsa ɗaya ne, ba sai kan ma ya tafi da sauri ɗaya ba?

Amsa: Ina! Juya fomular: dy/dt = −(x/y)(dx/dt). A x = 4, y = 3, saukar ta kai kusan 0.53. A x = 4.8, y ya rage 1.4, ta haura 1.37. Yayin da y ke kusantar sifili amsar sai hauhawa take yi ba iyaka, kuma ba tsanin da ke haka a zahiri, abin da ke faruwa shine kan tsanin yana rabuwa da bango kafin a kai can, da ya rabu kuma x² + y² = 25 ta tashi daga aiki.

Tambaya: Na mazurari fa, akwai r akwai h, ya zan yi da biyu?

Amsa: Kashe ɗaya kafin ka fara. A ce tankin kamar mazurari yake, tsininsa a ƙasa, zurfi mita 4, radiyos na baki mita 2, ruwa na shiga 2 m³ duk minti, ana neman saurin hawan ruwan. h shi ne zurfin ruwan, r radiyos na samansa, V kuma yawansa. Ruwan da ke ciki shi ma ƙaramin mazurari ne mai siffa iri ɗaya da babban, don haka ko ina ya kai r/h = 2/4, wato r = h/2. Wannan ba lambar ƙiftawar ido bace, haka take koyaushe, zaka iya sa ta tun farko. V = (1/3)πr²h sai ta koma V = πh³/12, difarenshiyeshan ya bada dV/dt = (πh²/4)(dh/dt). A zurfin mita 1, dh/dt = 8/π, kusan mita 2.55 a minti. A zurfin mita 2 kuma 2/π ne, kusan 0.64, zurfi ya ninka biyu amma hawan ruwan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, saboda girman filin saman ruwan ya ninka huɗu. Kuskuren da nake yawan gani shine a ɗauki r = 2 na bakin tanki a sa wa ruwan, alhali ruwan bai kai baki ba, a zurfin mita 1 radiyos ɗinsa rabin mita ne kawai.