Ma'anar LoRA: yadda ake koya wa injin hoto fuskar mutum ɗaya

Duk wanda ya taɓa amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen haɗa hoto ya san matsalar: ka rubuta mata siffar mutum ɗaya sau goma, ta ba ka fuska goma daban-daban. Injin ya san kamannin mutane birjik, amma bai san wane ɗan wane ba. LoRA hanya ce mai araha ta koya masa fuska guda har ya riƙe ta.

Sunan taƙaitawa ce ta Low-Rank Adaptation, dabarar da masu bincike a kamfanin Microsoft suka fitar a 2021 domin injinan rubutu, daga baya masu hoto suka ɗauke ta. Injin hoto irin su SDXL fayil ne mai nauyin gigabait shida da ɗoriya, cike da manyan jadawalai na lambobi. Ba a taɓa waɗannan lambobin. Ana kulle su, sai a horar da wasu siraran jadawalai biyu a gefen kowanne, waɗanda idan aka ninka su suke ba da ɗan gyaran da za a ɗora a kan na asali. Kamar tela ne da aka kawo wa ɗinkakkiyar riga: ba zai sake yanka yadi ba, kama ta kawai zai yi a kafaɗa da hannu. Jadawali mai layi 1024 a tsaye da 1024 a kwance yana ɗauke da lambobi sama da miliyan ɗaya. Sirara biyu masu kauri 16 kuwa lambobi 32,768 ne kacal, wajen kashi uku cikin ɗari. Wannan kaurin shi ake gani a allo da sunan `rank` ko `network_dim`. Shi ya sa fayil ɗin LoRA yakan tsaya tsakanin 'yan megabait zuwa kamar ɗari biyu, kuma hotuna 15 zuwa 25 sukan wadatar.

Inda aikin yake gyaruwa ko ya lalace shi ne wajen zaɓen hotunan da rubuta musu bayani. Injin ba ya iya rarrabe abin da yake jikin mutum da abin da mutum ya sa. Duk abin da ya maimaitu a hotuna, kuma ba a ambace shi a bayani ba, zai ɗauka wani ɓangare ne na mutumin.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da shadda a Kantin Kwari, yana son hotunan talla inda shi da kansa zai fito cikin ɗinki kala-kala ba tare da ya ɗinka kowanne ba. Ya buɗe wayarsa ya tattaro hotuna ashirin, kusan duka na Sallah da ɗaurin aure: hula zanna a kansa, farin kaftani, ga tarin yadi ko ƙofar gida a bayansa. Idan aka horar da su haka, hular za ta manne. A nemi shi cikin kwat, sai ya fito da kwat da zanna. A nemi shi ba hula, sai injin ya ƙago masa wani goshi da wani aski, don bai taɓa ganin saman kansa ba. Wannan ce ta fi cin 'yan Kano, domin mafi kyawun hotunanmu na ranar ado ne. Ga mata kuma mayafi ne da kwalliyar biki: idan duk hotunan na ranar kamu ne, kwalliyar ce za ta zama fuskar.

Gyaran shi ne a sake ɗauka da gangan. A cikin ashirin ɗin, goma su zama na fuska kusa-kusa, daga gaba, daga hagu da dama, da ɗan karkace. Shida daga ƙirji zuwa sama, huɗu tsaye gaba ɗaya. Aƙalla rabi ba hula, riguna huɗu ko biyar mabambanta, wurare daban, wasu da murmushi wasu ba. A ɗauka a inuwa da hantsi ko bayan la'asar, don ranar tsaka tana zuba duhu a kwarmin ido. A kashe filtar gyaran fuska ta kyamarar waya, domin tana goge tabo da tsaga, tana kuma haska fata, injin kuwa abin da ya gani zai koya. Kada a yi amfani da hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, saboda an matse shi. A tura shi a matsayin fayil. Hoto ɗaya mai dishi-dishi ya fi ɓata aiki a kan a rasa shi, a cire shi kawai. Ga SDXL kowane hoto ya kai fiksel 1024, tsohon Stable Diffusion 1.5 kuwa 512 ya ishe shi.

Sai bayani. Kowane hoto ana yi masa ɗan fayil na rubutu mai suna iri ɗaya da nasa, da Turanci, don da shi aka horar da injin. Ana farawa da wata ƙagaggiyar kalma da ba ta da ma'ana, wadda za ta zama sunan mutumin a wurin injin:

```
msx7 man, embroidered cap, white kaftan, smiling, fabric shop
```

A lura da abin da aka rubuta: hula, riga, murmushi, shago, wato abubuwan da ake so su riƙa canzawa. Launin fatarsa, siffar hancinsa, da tsagar kumatunsa in yana da ita, ba a rubuta su, domin su ake so su shige cikin `msx7`. Masu farawa da yawa sukan yi akasin haka, su zauna suna siffanta fuskar, sai kamannin su riƙa zillewa duk lokacin da ba a maimaita siffantawar ba.

Kafin a kunna komai, hotunan su zama naka ko na wanda ya amince, ya kuma san abin da za a yi da su. Fayil ɗin da zai fito yana iya sa mutum a wurin da bai je ba, cikin shigar da bai yi ba, kuma a garin nan hoto ɗaya na ƙarya ya isa ya raba aure. Kada a bar shi a kwamfutar haya ko a tura shi zauren WhatsApp.

Lissafin horon a manhajar kohya_ss mai sauƙi ne. Sunan jakar hotunan, `10_msx7 man`, yana nufin a maimaita kowane hoto sau goma a zagaye ɗaya. Hoto 20 sau 10 ya ba da mataki 200; zagaye takwas ya zama 1,600, in ana ɗaukar hoto ɗaya a kowane mataki.

```
--network_dim=16 --network_alpha=8 --learning_rate=1e-4
--max_train_epochs=8 --save_every_n_epochs=1
```

SDXL yana son katin hoto na kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 12 ko fiye, don haka yawanci haya ake yi ta intanet da awa. Umarnin `--save_every_n_epochs=1` yana ajiye kwafi a kowane zagaye, kuma shi ne ke ba da damar zaɓe, domin zagayen ƙarshe ba lallai shi ne mafi kyau ba.

Ana gwada kwafin takwas ɗin da bayanin hoto ɗaya da lambar `seed` ɗaya, wato lambar da injin ke fara zana hoto daga gare ta, a nemi abin da babu shi a hotunan horo, misali mutumin cikin baƙar kwat, ba hula, a bakin ruwa. Idan wanda ya fito kamar ƙaninsa ne, akwai jini amma ba shi ba, horo bai kai ba. Idan fata ta yi sheƙi kamar roba, launi ya ƙone, ko tarin yadi ya riƙa leƙowa a bakin ruwan, ya wuce gona da iri: injin ya haddace hotunan maimakon fuskar. Sai a koma zagaye na biyar ko na shida, ko a rage ƙarfin LoRA ɗin wajen amfani, kamar `<lora:msx7:0.7>` a manhajar haɗa hoto ta AUTOMATIC1111. Idan kuma fatar ta fito ta fi ta mai ita haske, a fara duba hotunan horon ko filta ta shiga, sannan a gwada wani injin tushe, wato babban injin da ake ɗora LoRA a kansa, don wasu an gyara su da hotunan farar fata zalla kuma suna jan kowace fuska can. Alƙalin ƙarshe kuwa kada ya zama mai fuskar, domin kowa yana son wanda aka ƙara masa kyau. A nuna wa matarsa ko yaron shagonsa ba tare da an faɗa musu komai ba, a ji ko za su kira sunansa.