Sari-ka-noƙe, tayar da ƙayar baya da yaƙin gaba-da-gaba: me ya raba su?

A labaran rediyo ana yawan ambaton waɗannan kalmomi kamar abu ɗaya suke nufi. Yau a ce "'yan tayar da ƙayar baya", gobe a ce "mayaƙan sari-ka-noƙe", duk a kan mutane guda. Sau da yawa mutanen guda ne ɗin, amma kalmomin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Sari-ka-noƙe yana gaya maka yadda ake yaƙin. Tayar da ƙayar baya tana gaya maka abin da ake nema da shi.

Bari mu fara da wanda ya fi sauƙin ganewa, wato yaƙin gaba-da-gaba. A nan runduna ce take fuskantar runduna. Kowane ɓangare yana da kaki da tuta da hafsoshi, yana da garuruwan da yake riƙe da su, kuma akwai fagen daga da za a iya zanawa a taswira. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 galibinsa irin wannan ne. Sojojin tarayya sun kama Enugu a Oktoban 1967, suka kama Fatakwal a Mayun 1968, ƙasar Biyafara ta yi ta tsukewa har Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas a Janairun 1970. Duk wanda ke bin labari a lokacin zai iya sanin wa ke samun galaba ta hanyar ƙirga garuruwa, kuma yaƙin yana da ranar da ya ƙare. Wannan ma ya nuna cewa ba sai tsakanin ƙasa da ƙasa ake gaba-da-gaba ba. 'Yan tawaye ma suna yin sa idan sun tsaya kare ƙasar da suka kama.

Sari-ka-noƙe kuwa sunansa ya gama bayaninsa. Dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce: ya yi kwanton ɓauna, ya dasa nakiya a hanya, ya auka wa ƙaramin sansani da asuba, ya kwashi makamai, ya ɓace kafin ɗauki ya iso. Ba ya tsayawa kare wuri, domin tsayawar ita ce ajalinsa. Turawa sun aro sunan wannan salo daga Sifaniyanci, inda kalmar "guerrilla" ke nufin "ƙaramin yaƙi", tun zamanin da mutanen Sifaniya suka addabi sojojin Napoleon tsakanin 1808 da 1814. Kuma kowa na iya amfani da wannan dabarar. Sojan gwamnati da aka tura bayan layin abokan gaba yana iya yin sari-ka-noƙe, ɗan fashin daji ma yana yi.

Ita tayar da ƙayar baya gwagwarmaya ce ta neman mulki. Ƙungiya ce mai makami da ke son ƙwace iko daga gwamnati, ko ta ɓalle da wani yanki, ko ta kori 'yan mamaya, ta hanyar dogon yaƙi. Harbi ɓangare ne kawai na aikinta. Tana wa'azi ko farfaganda, tana ɗaukar matasa, tana karɓar haraji, tana yanke hukunci tsakanin masu rigima, tana kashe dagacin da ya ƙi ba ta haɗin kai. Abin da take so shi ne idan mutumin ƙauye ya tambayi kansa wa ke mulki a nan bayan faɗuwar rana, amsar ta zama ita. Saboda haka ne ake muhawara kan 'yan bindigar Zamfara: salon yaƙinsu na sari-ka-noƙe ne, amma wanda burinsa shanu da kuɗin fansa bai cika sunan ɗan tayar da ƙayar baya ba. Sai dai a ranar da ya fara ɗora wa ƙauyuka haraji yana naɗa musu wakilai, to ya taka iyakar.

Jihar Borno ta ga ƙungiya ɗaya ta yi duka salon biyu cikin 'yan shekaru, kuma nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Bayan an murƙushe su a Maiduguri a Yulin 2009 aka kashe Muhammad Yusuf, 'yan Boko Haram sun dawo a 2010 da harbin ɗauki-ɗaiɗai a kan babura da tayar da bamabamai. Sai a 2014 suka sauya. Suka kama Gwoza a watan Agusta, Abubakar Shekau ya fito a bidiyo yana shelar daula, suka kama Bama a Satumba, Mubi a Oktoba, Baga a Janairun 2015. Ga mai kallo daga nesa, wannan ne ƙololuwar ƙarfinsu. A wajen soja kuwa, wannan ne karon farko da abokin gaba ya samu adireshi. Mai riƙe da gari dole ya ajiye motoci, ya kafa shingaye, ya tara mutane wuri guda, kuma duk waɗannan jirgin sama yana ganinsu, igwa tana kai musu. Aka ɗage zaɓen 2015 da mako shida, sojojin Najeriya da na Chadi da Nijar da Kamaru suka taso ta ɓangarori daban-daban. Gamboru, Dikwa, Damasak, Bama duk suka kuɓuta, aka karɓe Gwoza ranar 27 ga Maris, kwana ɗaya kafin zaɓe. Abin da aka kasa yi a shekaru aka yi shi a makonni, domin yaƙin ya koma irin wanda aka horar da soja a kansa.

A Disambar 2015 Shugaba Buhari ya ce kusan an gama da ƙungiyar. Idan da ma'aunin gaba-da-gaba aka auna, bai yi ƙarya ba: ba su riƙe da wani babban gari. Amma mayaƙan sun watse ne zuwa dajin Sambisa da duwatsun Mandara da tsibiran tafkin Chadi, suka koma tsohon salonsu. A 2016 ƙungiyar ta rabe, ɓangaren ISWAP ya mayar da hankali kan sansanonin soja, har ya yi wa sansanin Metele mummunar ɓarna a Nuwambar 2018.

To me ya sa sojan da ya kori mutum daga Gwoza cikin kwanaki ya kasa gamawa da shi a daji?

Da farko akwai lissafi, kuma lissafin ba ya tausayin gwamnati. A ɗauka, don misali, kwamanda yana da sojoji 1,000 da garuruwa 20 da zai tsare. Kowane gari ya samu 50. Daga cikin hamsin ɗin wasu na barci, wasu sun raka motar abinci, wasu ba su da lafiya. Shi kuwa ɗan sari-ka-noƙe yana da mutum 200 kacal, amma babu abin da yake gadi. Ya zaɓi gari ɗaya, ya zaɓi dare, ya zo da dukkan mutanensa. A faɗin yankin soja ya ninka shi sau biyar. A wurin da aka gwabza shi ya ninka soja sau huɗu. Sannan ya tafi da motoci da harsasan da ya samu, gwamnati ta zama ita ke ciyar da rumbunsa. Rundunar Najeriya ta nemi maganin wannan a 2019 ta hanyar tattara sojoji a manyan sansanoni masu wuyar kamawa. Asarar sojoji a ƙananan wurare ta ragu, amma hanyoyi da ƙauyukan da aka janye daga cikinsu suka zama na wanda ya zo. Gaba kura, baya sayaki: ka bazu a cinye ka ɗaya bayan ɗaya, ka dunƙule ka bar wa maƙiyi karkara. Masana harkar soja a Amurka suna da wani ƙiyasi da suke yawan ambata, cewa ana bukatar jami'an tsaro kamar 20 ga kowane mutum 1,000 kafin a tsare yanki mai tawaye. Borno tana da mutum sama da miliyan 4 tun ƙidayar 2006. Wato jami'ai 80,000 ke nan ga jiha ɗaya.

Abu na biyu ya fi lissafi nauyi a ganina, shi ne sanin wane ne wane. Tankar yaƙi ba ta bambance manomi da mayaƙin da ya jingine bindiga ya ɗauki fartanya. Wanda ya sani shi ne maƙwabci, mai shayi, direban da ke bin hanyar. Mao Zedong na China ya kwatanta mayaƙi da kifi, jama'a kuma ruwan da yake iyo a ciki. Maiduguri ta gwada gaskiyar wannan a 2013, lokacin da matasan gari, 'yan kato-da-gora, suka fara nuna 'yan ƙungiyar unguwa-unguwa. Gora da adda ne a hannunsu, amma sun san fuskoki, kuma cikin watanni birnin ya fi ƙarfin Boko Haram.

Sai dai mutum ba ya ba da labari sai ya tabbata zai kwana lafiya bayan ya bayar. Soja ya zo da rana ya koma sansani, mayaƙi ya zo da dare ya tambayi wa ya yi magana. Manoman shinkafa na Zabarmari da aka yi wa yankan rago a Koshebe a Nuwambar 2020, aka yi jana'izar 43 a rana ɗaya, saƙo ne ga duk wani ƙauye. Idan kuma labari ya yanke wa soja, sai ya koma ga abin da yake da shi da yawa, wato wuta. A kama matasan unguwa gaba ɗaya, a yi luguden wuta bisa zato. A Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann bisa kuskure, mutane da dama suka mutu. Kowane irin wannan kuskure yana rufe bakunan da da za su yi magana, labari ya ƙara ƙaranci, zato ya ƙaru. Haka matakan toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi: da aka hana cinikin kifi da tattasai da hawan babur a yankin Diffa a 2015, an taɓa aljihun Boko Haram, amma an taɓa tukunyar masunci da manomi fiye da haka, kuma saurayin da sana'arsa ta mutu shi ne wanda mai ɗaukar mayaƙa ke nema.

Akwai kuma lokaci. Gwamnati tana da zaɓe da kasafin kuɗi da iyayen sojoji masu tambaya, sojan waje kuma yana da gidan da zai koma. Amurka da ƙawayenta sun kori Taliban daga Kabul a Nuwambar 2001, makonni kaɗan da fara yaƙi. Taliban ba ta taɓa doke su a babban fagen daga ba. Ta dai ƙi mutuwa, ta samu mafaka a tsallaken iyakar Pakistan, ta riƙa shari'a a ƙauyuka, har baƙi suka gaji. Ranar 15 ga Agustan 2021 ta shiga Kabul a motoci da rana tsaka, a lokacin da babu sauran rundunar da za ta hukunta ta kan fitowa fili kamar yadda aka hukunta Shekau a Gwoza.

Don haka idan sanarwa ta fito cewa an kashe 'yan ta'adda kaza, an ƙwato gari kaza, wannan ma'aunin gaba-da-gaba ne, kuma a wannan yaƙin ba ya faɗin abu mai yawa. Tambayoyin da suka fi nuna inda aka kwana su ne: hakimi yana kwana a garinsa ko yana Maiduguri? Manomi yana iya wuce kilomita nawa daga ramin da aka haƙa kewaye da gari kafin ya shiga hannun wasu? Motar haya tana bin hanyar Damboa ba tare da rakiyar soja ba? Masuncin Baga, idan ya fito da kifinsa daga tafki, wa ya fara biya haraji?