Ma'anar "shanyewar tantanin murya": abin da likita ke gani idan murya ta koma iska

Yayata malamar Islamiyya ce a unguwar Pantami, a Gombe. Shekara da shekaru muryarta na cika aji ba tare da lasifika ba, har aka yi mata tiyatar maƙoƙo a wani asibiti. Ƙullutun ya tafi, ɗinki ya warke lafiya lau, amma murya ta ƙi dawowa. Idan ta buɗe baki, iska ce ke riga sauti fitowa, kamar mai raɗa a kunne. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ranar da na ji tana biya wa 'yarta Fatiha: ta zo dogon maddin ƙarshe, numfashi ya yanke mata a tsakiya, ta tsaya tana haki kamar wadda ta hau tudu da tulu a ka.

A gida kowa ya kawo tasa. Wannan ya ce sanyi ne, a ba ta citta da kanumfari da zuma, wancan ya ce belu ne ya sauko, a kira wanzami. Sai a sati na shida likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa, ya ce: "Malama, tantanin muryarki na hagu ne ya shanye." Kalmar shanyewa ta girgiza mu, domin a kunnen Bahaushe shanyewar ɓarin jiki take tunowa. Abin da likitan ke nufi ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma yana buƙatar a fahimce shi.

A bayan zakaran wuya, a bakin bututun da iska ke bi zuwa huhu, akwai wasu naɗe-naɗen tsoka guda biyu, dama da hagu, kowanne tsawonsa bai fi santimita 2 ba, ko ɗan sama da haka ga maza. Su ake kira tantanin murya. A ɗauke su kamar ƙyaure mai ganye biyu. Idan za ka shaƙi iska sai su wage. Idan za ka yi magana sai su haɗu su rufe, iskar huhu ta matso ta tsakaninsu ta kaɗa su, kimanin sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ga namiji, kimanin sau 200 ga mace, kuma wannan kaɗawar ita ce murya. Idan za ka haɗiye ruwa ma rufewa suke yi don kada ya bi hanyar huhu, haka nan idan za ka yi tari ko ka yunƙura ka ɗaga kaya mai nauyi.

Shanyewa na nufin ganye ɗaya ya tsaya cak. Rauni kuwa, wanda likitoci ke bambantawa da shanyewa, yana nufin yana motsi amma da kasala, ba ya kai inda ya kamata. A duka biyun ƙofa ba ta rufuwa ruf, iska na zurarewa ta kafar da ta rage. Shi ya sa wannan murya ta bambanta da dishewar mura, wadda ke fitowa da kaushi da kauri. Wannan sirantacciya ce, mai huci, ba ta ɗaguwa, kuma mai ita na gajiya da magana tun kafin azahar.

Yawanci tsokar ba ta da laifi, saƙo ne ya daina isowa gare ta. Mu a Hausa da kalma ɗaya, jijiya, muke kiran mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo, to a nan mai saƙon ake nufi. Hanyar da take bi abin mamaki ce. Tana tasowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa, ta wuce maƙogwaro ba ta tsaya ba, ta gangara, sannan ta yi kwana ta hauro. Ta dama tana juyowa a gindin wuya. Ta hagu sai ta shiga cikin ƙirji ta zagayo ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, don haka ta fi tsawo, kuma ta fi yawan gamuwa da matsala. A hanyarsu ta haurowa, dukansu biyu suna bi ta bayan halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, manne da ita, ga su sirara kamar zaren saƙa. Idan maƙoƙo ya girma ya daɗe, yakan ture jijiyar daga mazauninta, kuma ko a hannun gwani tana iya miƙewa, ko ta ƙuje, ko zafin na'urar tsayar da jini ya taɓa ta. Mafi yawan irin wannan rauni na wucin gadi ne. Waɗanda nasu ke zama dindindin kaɗan ne, wajen mutum 1 ko 2 cikin 100.

Wanda ya yi doguwar jinya ma yakan tashi da irin wannan murya ko da wuƙa ba ta taɓa wuyansa ba. Bututun numfashi da ake zurawa ta baki yana iya danne reshen jijiyar, ko ya gurɗa ɗan guringuntsin da tantanin ke maƙale a jikinsa. Rama da kwanciyar watanni na iya zaftare tsokar kanta. Tarin fuka, ƙari a huhu, ko zuciyar da ta kumbura, duk suna iya matse ta hagu a cikin ƙirji. Dishewar da bututu ke bari bayan tiyata ta yau da kullum takan wuce cikin 'yan kwanaki. Wadda ta kai sati 4 tana nan, ko wadda ta zo da ƙwarewa wajen shan ruwa, ta wuce a ci gaba da jiƙa mata citta.

Na raka ta ranar gwajin, kuma abin da likitan ya fara yi bai buƙaci na'ura ba. Ya ce, "Malama, ja numfashi sosai, ki ce aaa, kada ki tsaya sai iska ta ƙare." Yana kallon agogo. Daƙiƙa 4 ta yi. Lafiyayyen babba yakan kai 15 zuwa 20 ko fiye, kuma ƙasa da 10 alama ce cewa iska na tsiyaya. Ya ce ta yi tari, tarin ya fito fuuu, babu wannan ƙarar ta fashewa da ake ji a farkon tari mai ƙarfi. Ya miƙa mata kofin ruwa, kurɓa biyu ta ƙware har da hawaye. Ya tambaya, "Tun yaushe kike haka da ruwa?" Ta ce, "Likita, tun da aka sallamo ni, na ɗauka gaggawa nake yi." Ba ta taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Daga nan ya fesa mata maganin kashe zafi a hanci, ya zura wani siririn bututu mai lanƙwasa, mai fitila da kyamara a kai, kaurinsa bai kai na biro ba. Ta hanci ya bi ya leƙo maƙogwaro daga sama, ita kuma tana zaune a kujera idonta biyu, duka-duka minti biyu ko uku. Inda babu wannan na'ura, da ɗan madubi mai dogon hannu ake leƙawa ta baki. Ya sa ta riƙa cewa "iii" tana shaƙar iska ta hanci, bi da bi, domin "iii" na haɗe tantanin, shaƙa kuma na wage su. A allon na gani da idona: na dama na kaiwa da komowa, fari tas, a miƙe. Na hagu na tsaye a ɗan gefen tsakiya, ya yi laushi ya ɗan lanƙwashe kamar igiyar shanya da ta saki, guringuntsin bayansa ya rusuno gaba, ga yawu ya taru a lungun da ke gefensa. Da ta ce "iii", na dama ya zo har tsakiya ya tsaya, aka bar kafa a buɗe tsakaninsu. Ta nan muryarta ke zubewa, ta nan kuma ruwa ke satar hanya.

Leƙen nan ne ke raba abubuwan da a kunne duk ɗaya suke. Wanda jinya ta ramar, za a ga duka biyun na motsi amma sun sirance, kafar tsakaninsu kamar ƙwallon dabino. Wani kuma tsiro za a tarar a kan tantanin, musamman mai shan taba. Idan aka ga ɗaya a tsaye alhali ba a yi wa mutum tiyata ba, likita zai nemi hoton sikanin tun daga ƙasan ƙoƙon kai har cikin ƙirji, ya bi sawun jijiyar kaf, don abin da ya danne ta na iya zama can ƙasa. Belu kuwa yana can sama a bayan ganɗa, ba shi da hannu a wannan lamari ko kaɗan, kuma raina na ɓaci idan na tuna saura ƙiris a sa mata aska a banza.

Akwai nau'i ɗaya da ba ya jira. Idan duka biyun suka shanye suka tsaya kusa da juna, murya na iya fita kusan daidai, amma hanyar iska ta ƙuntace. Za a ji wani ƙugi mai tsini duk lokacin da mutum ya ja numfashi, ramin wuyansa na lotsawa. Wanda aka ji haka gare shi bayan tiyatar wuya, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin wani lokaci sai an huda maƙogwaro an sa bututu kafin ya samu iska.

Ga mai gefe ɗaya, likitoci kan ba jijiyar wata 6 zuwa 12 kafin su yi aikin dindindin, saboda tana iya farfaɗowa da kanta. Amma jiran ba na naɗe hannu ba ne. An koya wa yayata ta juya kai zuwa hagu, wato gefen da ya shanye, ta ɗan sunkuyar da haɓa sannan ta haɗiye, kurɓa ɗaya-ɗaya. Kunu da koko da fura mai kauri sun fi ruwa zalla sauƙin wucewa, don ba sa gudu. An hana ta yawan gyaran murya da tilasta ihu, aka kuma ce raɗa ba hutu ba ne ga maƙogwaro. An gargaɗe mu cewa zazzaɓi da tari mai majina na iya nufin abin sha ya shiga huhu. Idan ƙwarewa ta yi yawa, ko mutum da muryarsa yake ci, ana iya yi wa tantanin allurar wani abu mai cika shi ya matso tsakiya, ya riƙe na wasu watanni. Idan shekara ta zagayo babu canji, akwai tiyatar da ake buɗe 'yar taga a guringuntsin zakaran wuya a cusa ɗan abin tokare, ana yi mutum na farke yana magana, har a ji inda murya ta zauna. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, nan ne wurin fara tambaya, kuma su ne za su tura mutum gaba idan aikin ya buƙaci haka.

A wata na bakwai muka koma. Agogo ya nuna daƙiƙa 12, ta shanye kofin ruwa ba ta ƙware ba. Na ɗauka jijiyar ce ta warke, amma allon ya nuna tantanin hagun na nan inda yake. Na dama ne ya koyi tsallake tsakiya yana zuwa ya same shi, kafar ta kusa rufewa. Likitan ya ce hakan na faruwa sosai, ya ba ta ranar dawowa bayan wata uku. Ta koma aji da 'yar lasifika a rataye a kafaɗa, tana hutawa tsakanin darasi da darasi, kuma maddin nan na ƙarshen Fatiha yanzu tana kai shi da numfashi ɗaya.