Ma'anar "gaɓar niyya" da "gaɓar hankali" a duban tafin hannu

Kwanan nan gajerun bidiyo sun cika wayoyi, ana ɗaga babban yatsa ana cewa wanda gaɓarsa ta farko ta yi tsawo shugaba ne tun daga haihuwa. Abin da ke ɓata rai shi ne yawancin masu faɗar haka ba su san wace gaɓa ce ta farkon ba.

Wannan rabon ya fito ne daga littattafan duban hannu na Turai. Wani hafsan sojan Faransa, d'Arpentigny, shi ya shimfiɗa shi a ƙarni na 19, daga baya ɗan ƙasar Ailan da aka sani da Cheiro ya yaɗa shi. A wurinsu lissafi daga sama yake farawa. Gaɓar da farce ke kanta ita ce ta farko, suna kiranta gaɓar niyya: azama, iya yanke shawara, tsayuwa kan magana. Ta ƙasanta ita ce ta biyu, gaɓar hankali, wato auna hujja kafin a ɗauki mataki. Tudun naman gindin yatsan, wanda suke jingina wa tauraruwar Zahra, shi suke ɗauka na uku, wurin ƙauna, ko da yake ƙashin da ke ƙarƙashinsa na tafin hannu ne, don babban yatsa ƙasusuwan gaɓa biyu kacal gare shi. Likitoci kuwa daga tafi suke ƙirgawa zuwa farce. Ta farkon likita ita ce ta biyun mai duba, kuma duk wanda ya cakuɗa lissafin biyu ya juya karatun baibai.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma. Ba tsawon gaɓa ɗaya ake karantawa ba, gwada biyun ake yi da juna. Wasu littattafan suna son su zo daidai, wasu kuma suna ba niyya kashi 2 cikin 5, hankali kashi 3. Idan ta niyya ta rinjaya da yawa, sai su ce mutum mai taurin kai ne, yana aikatawa kafin ya yi tunani. Idan ta hankali ce ta yi nisa, sai su ce ga tsari ga hujja, amma aiwatarwa ta gagara. Ke nan doguwar gaɓar niyya ba yabo ba ce ko a wurin masu ilimin.

A ɗauki yatsa mai santimita 6 daga mahaɗar gindi zuwa kai. Bisa ƙa'idar biyu da uku, ana sa ran 2.4 a sama, 3.6 a ƙasa. Aka auna ta bayan hannu, an ɗan lanƙwasa yatsan don ƙullin mahaɗa ya fito, aka sami 2.7 da 3.3: hankali na gaba, niyya ba ta yi rauni ba. To sai wani ya zo ya auna ta cikin tafi, ya bi layin fata, wanda ba lallai ya zauna daidai kan mahaɗar ƙashi ba. Layin ya sauka da milimita 3 kawai, awo ya koma 3.0 da 3.0. Ya haɗa da farcen da ya zarce nama da milimita 3, ta sama ta zama 3.3, ta wuce ta ƙasa. Yatsa ɗaya, hukunci uku. Shi ya sa masu tsanaki a cikinsu suke tsayawa a ƙarshen nama, ba farce ba, suke auna gaɓoɓin biyu ta fuska ɗaya, kuma suke duba hannu biyun.

Suna kallon siffa ma. Gaɓar hankali mai tsukakken ƙugu suna danganta ta da iya lallashi, mahaɗar sama mai lanƙwasuwa baya da sakin hannu da sauƙin kai, mai tauri kuma da riƙo.

Inda abin ya zama zalunci shi ne gajeren kan yatsa mai faɗi kamar kulki, wanda tsofaffin littattafan suka laƙaba wa sunan "yatsan mai kisan kai", wai alamar fushin da ba ya jin birki. Likitoci sun san shi sarai: gajartar ƙashin gaɓar sama ce da ake gado a dangi, wani lokaci a hannu ɗaya, wani lokaci duka biyu, kuma ba ta da alaƙa da hali. Babu wani bincike da ya tabbatar tsawon waɗannan gaɓoɓi yana nuna azama ko basira, saboda haka bai kamata a yanke wa mai neman aure ko yaron gida hukunci da yatsan da ya gada daga kakarsa ba.