Ma'anar "etayaj" da ZPD: ba kowane taimakon malami ne tokara ba

Tun da aka sabunta manhajar firamare a Kamaru a 2018, aka kuma matsa wa malamai da tsarin koyarwa na APC, mai mai da hankali kan abin da yaro zai iya aikatawa da abin da ya koya, da wuya a tashi taron bita a Garwa ko Marwa ba a ambaci "etayaj", kalmar Faransanci mai nufin tokara, da ZPD ba. Yanzu sun shiga shirye-shiryen ilimi na rediyo, kuma kowa da yadda yake juya su. Malami ya warware lissafi a kan allo yara sun kwafa, a ce ya yi etayaj. Ya faɗi rabin kalma aji ya ƙarasa da ihu, a ce etayaj ne. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni haushi, domin yaro zai iya shekara yana ƙarasa wa malam kalma alhali bai san abin da ake magana a kai ba.

ZPD tunanin Lev Vygotsky ne, masanin halayyar ɗan Adam na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya rasu a 1934. Tazara ce tsakanin abin da yaro zai iya yi shi kaɗai da abin da zai iya yi idan wanda ya fi shi sani ya kama masa. Misalin da ya bayar shi ne na yara biyu da gwaji ya ajiye a matakin ɗan shekara 8. Da aka ɗan kama musu, ɗaya ya warware aikin 'yan shekara 12, ɗayan bai wuce na 'yan shekara 9 ba. A takardar sakamako makinsu ɗaya, amma abin da ya kusa nuna a kan kowannensu ya bambanta. Saboda haka in na ji an ce "ZPD ɗin ajina", sai in tambaya: na wane yaro, a kan wane aiki?

Ita kuwa etayaj daga baya ta zo. David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross ne suka yaɗa wannan kamance a 1976, bayan sun lura da yadda babba ke taya yara 'yan shekara 3 zuwa 5 haɗa wani gini na gutattakin katako. Daga wurin magina aka aro kalmar. Duk wanda ya ga ana zuba dakin ya san sandunan da ake tokare shi da su, ya kuma san in kankare ya kama cire su ake yi. To ma'anar ke nan: taimako ne da tun ranar sa shi aka ƙudurta janye shi. Wood ya ba da ƙa'ida mai sauƙin faɗa: in yaro ya kasa, ƙara masa taimako kaɗan, in ya iya, rage masa.

A ce ajin CE1 ne, wato aji uku na firamare, malama ta ba da 52 − 27. Wata yarinya ta ɗaga allonta da 35. Wannan kuskure sananne ne, kuma ba shirme ba ne: a kowane layi ta cire ƙarami daga babba, 2 daga 7 saura 5, 2 daga 5 saura 3. Malamar da ke sauri za ta karɓi alli ta gyara. Wadda ta san aikinta da mafi ƙanƙantar taimako take farawa.

"Haɗa 35 da 27, ki gani ko za su koma 52."

Yarinya ta haɗa ta sami 62. Ta gane da matsala, amma ta tsaya tana kallon allo. Tunda wannan bai isa ba, malama ta ƙara taki ɗaya: "A layin ɗaiɗai, wa ake cirewa daga wa?" Yarinya ta ce, "Malama, 7 daga 2, ai ba ya yiwuwa." Ta sake tsayawa. Sai malama ta ajiye mata tsinkaye, ɗauri biyar na goma-goma da guda biyu a warware, ta ce ta ba ta bakwai, ta yi shiru.

Shirun nan shi ya fi yi wa malamai wuya. Daƙiƙa goma a gaban aji kamar awa ce, kuma yawancinmu kafin yaro ya gama tunani mun riga mun amsa masa. Da malama ta ga yarinya ta ɗauki biyun ta rasa ta cewa, sai ta ɗora yatsa a kan ɗauri guda, ba ta kwance ba. Yarinya ta kwance da hannunta. Ɗaiɗai suka zama 12, ɗauri ya koma 4. Ta cire 7 saura 5, ta cire ɗauri 2 saura 2, ta rubuta 25.

A nan mutane da yawa ke cewa an gama, alhali rabi aka yi. Malama ta ba da 63 − 18, wannan karon ba ta taɓa komai ba, ta ce kawai, "Tsinkayen na nan in kina so." Yarinya ta yi a allo ta sami 55. Sabon kuskure ne, kuma ya fi na farko kyau: ta kwance goma, ta manta cewa ɗauri ya ragu. Malama ba ta koma da ita farko ba, tambaya ɗaya ta yi: "Bayan kin kwance, ɗauri nawa suka rage?" Aka sami 45. A na uku, 71 − 36, an kwashe tsinkaye, malama ma ta wuce wani benci. In 35 ya fito, tokara ta fara sauka. Ni dai sai in cusa 68 − 25 a tsakani, don in ga ko za ta kwance goma inda babu buƙata. In ta yi haka, hannunta ne ya haddace, ba ta gane dalili ba. Hukunci na gaskiya kuma sai washegari, ita kaɗai, ba malama a kanta.

Daga nan ake gane gefuna biyu na tazarar. Yaron da ya yi 52 − 27 daidai tun farko, taimaka masa ɓata masa lokaci ne. A ba shi 300 − 148, inda babu goman da za a kwance sai an fasa ɗari. Yaron kuma da aka nuna masa komai, har aka yi a gabansa, amma bai iya maimaitawa ba, aikin ya yi masa nisa. Sau da yawa za a tarar 12 − 7 ma na ba shi wuya, ko bai yarda ɗauri guda goma ne ba sai ya sake ƙirgawa. Shi baya za a koma da shi. Kafin nan dai a gwada abu guda da ya shafe mu a nan arewa: a maimaita masa tambayar da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa. Akwai yaran da lissafinsu ƙalau yake, Faransancin tambayar ne ya tare su, sai malami ya yi ta kawo tsinkaye a inda kalma biyu ake buƙata.

Na san abin da malamin da ke da yara ɗari a aji zai ce, kuma yana da gaskiya. Binciken 1976 babba ɗaya ne da yaro ɗaya. Masu zuwa bita su ce a yi wa kowane yaro haka ba su tsaya a gaban irin ajinmu ba. Abin da ke yiwuwa shi ne a yi amfani da ɗaga allo. A 52 − 27, masu 25 a ba su na gaba, masu 35 matsalarsu ɗaya ce, a tara su wurin tsinkaye. Wanda ya iya zai iya zama da wanda bai iya ba, da sharaɗin alli na hannun mai koyo, shi kuma tambaya kawai zai yi. Allon da aka ɗaga babu komai a kai, ko da lambar da ba ta da asali, su ne ƙalilan da malama za ta je wurinsu da kanta.