Amsoshi ga masu shirin cirani zuwa Abijan a kan maganar harshe

Baba, tunda Hausawa sun yi yawa a Abijan, dole ne sai na koyi wani harshe?

Dole ne. Duk shekara, da zarar an gama girbi a nan Tawa, samari suna zuwa ƙofar gidana da wannan tambaya, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba. Hausa za ta samo maka masauki da abincin daren farko a wajen ƴan uwanmu Adarawa, amma mai gidan haya da mai sayen kayanka da ma'aikacin da zai buga maka hatimi ba da Hausa za su yi maka magana ba.

To wanne zan fara, Faransanci ko Julanci?

Idan kasuwa za ka shiga, ka fara da ƙidayar Julanci da gaisuwarsu, domin shi ne harshen ciniki a unguwannin Ajame da Abobo da tashoshin mota. Faransanci kuwa ka bi shi a hankali kowace rana, saboda shi ne na ofis da asibiti da takardu, kuma shi ne wanda Baule da Bete da sauran ƙabilun Kodebuwa suke haɗuwa a kansa.

Ban yi boko ba. Zan iya?

Za ka iya, ɗana, ka kwantar da hankalinka. Yawancin waɗanda suka riga ka zuwa da kunne suka koya, a bakin teburin sayar da garba, wato aceke, wani irin dambun rogo, da soyayyen kifi, sana'ar da mutanenmu suka yi suna a kanta a can.

Alhaji, an ce su ma da dala suke ƙidayar kuɗi kamar mu. Ke nan ba ni da matsala wajen ciniki?

Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma ɗaya rabin shi ne yake jawo wa yaranmu asara da rigima, saboda haka zan tsaya a kanta sosai.

Gaskiya ne sefa ɗaya muke kashewa da su, kuma Jula yana da dorome, wadda daidai take da dalarmu, wato faran 5. Kamar yadda muke cewa ashirin mu nufi faran 100, haka shi ma zai ce mugan, ya bar kalmar dorome a cikinsa. Tan goma ce, faran 50 ke nan, keme kuma ɗari ce, faran 500. Ƙananan motocin haya da ake kira woro-woro ma daga nan suka samo suna, domin woro shida ce, dala shida kuwa faran 30, kuɗin shigarsu a zamanin da. Har zuwa nan Bahaushen Nijar ya fi baƙi da yawa sa'a, tunda kansa ya saba da wannan lissafi tun yana yaro.

Inda hanya take rabuwa shi ne wajen jika. Mu idan muka kai dala ɗari biyu sai mu ce jika, mu ci gaba da ƙirga jikuna. Jula ba ya yin haka, yana ci gaba da ɗaruruwansa ne. Jika ɗaya a bakinsa keme fila ce, jika biyu keme nani, jika uku keme woro, jika huɗu keme segi. Sai ya kai dorome dubu sannan ya ce wa kelen, kuma wannan faran 5,000 ne, jika biyar, koriyar takardar nan. Wa fila kuwa faran 10,000 ne. Yaro yana tambaya a gaya masa yadda ake cewa dubu, a ce masa wa, sai ya ɗauka ya samu kalmar jika, alhali ya samu abin da ya ninka ta sau biyar.

Na ga wannan da idona. Wani yaro ɗan ƙauyenmu, mako uku da saukarsa, ya je sarin robobin wanka wajen wata mata a Ajame don ya riƙa yawon talla da su. Ya tambaye ta joli lo, wato nawa ne, ta ce masa wa kelen ani keme fila. Shi a ransa wa kelen jika ɗaya ce, keme fila kuma wata jikar, ya tara ya samu jika biyu, ya ga arha, ya amince ko ragi bai nema ba. Matar ta sa aka ɗaure kaya, ya miƙa mata takardar faran 2,000. Ita kuwa abin da ta faɗa dorome dubu da ɗari biyu ne, faran 6,000, jika shida cif. Ta ɗauka raini ne, shi ya ɗauka ta canza magana, mutane suka taru, sai da wani dattijo mai jin harsunan biyu ya raba su. Babu wanda ya yi niyyar cutar wani, amma ranar yaron ya rasa ciniki, ya kuma rasa wajen sari.

Tarko na biyu yana zuwa ne idan mai kaya ya ga ba ka kama Julancin ba sai ya juya zuwa Faransanci a tsakiyar ciniki, abin da suke yi ba tare da sun lura ba. Lambar Faransanci faran take ƙirgawa kai tsaye, babu ruwanta da dala. Idan aka ce maka san faran, ɗari ce ta faran, wato dala ashirin, kuma wanda ya ji ɗari ya miƙa dala ɗari ya biya ninki biyar. Dala ɗarinmu ita ce sank san, jika kuma mil. Samarin tasha suna da nasu salon na uku, wanda ake kira Nushi, inda togo take nufin faran 100, bar kuma faran 1,000. Ka san su don ka gane idan an faɗa, amma kada ka yi wa dattijo ko ma'aikaci magana da su.

To yaya za ka tabbatar? Ba zan ce maka akwai dabara ɗaya da take aiki ko'ina ba, domin ya danganta da wanda yake gabanka. Lafazi ma yana bambanta, tunda a kasuwa ɗaya za ka haɗu da mutumin Mali da na Bobo ta Burkina da na arewacin Kodebuwa: wani zai ce duru a biyar, wani ya ce loru, wani ya ce wa, wani ya ce waga. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne maimaita farashin da ɗaya harshen kafin in ce na saya. Idan ta ce keme nani, sai ka ce de mil, ka jira ta gyaɗa kai. Idan har yanzu akwai shakka, ka rubuta lambar faran a fuskar wayarka ka nuna. Wannan ma yana da iyaka, domin akwai tsofaffin da suka ƙware da lissafin ka amma ba sa karanta lamba, kuma a wajensu sai dai ka nuna takardar kuɗin kanta. Ka ware ta tun daga gida a aljihu daban, domin Ajame ba wurin buɗe damin kuɗi ba ne. Ka kuma lura ko ana ƙirga kaya ne ko kuɗi, tunda tan tana iya zama lemu goma, tana kuma iya zama faran 50. Idan ka ji farashi ya yi arha fiye da hankali, ka fara zargin kunnenka kafin ka yi murna, ka sake tambaya.

Kawu, ba kunya ba ce mutum ya riƙa sa ana maimaita masa magana?

Babu kunya a ciki. Abin da nake yi muku faɗa a kansa shi ne gyaɗa kai da cewa wi, wi a kan maganar da ba ku ji ba. Ka ce doni doni da Julanci, ko dusuman da Faransanci, duka suna nufin a hankali, kuma mutane suna sassautawa.

A ofis fa, in tafi da tafinta ko in je ni kaɗai?

Zuwan farko ka tafi da wanda ya iya karatu, wanda mai masaukinka ya yarda da shi, kuma kada ka ɗauki ɗaya daga cikin masu tsayawa a bakin ƙofa suna cewa za su taimaka. Amma ko da tafinta, akwai abin da dole ya fito daga bakinka: sunanka da na mahaifinka bisa tsarin da suke a takardar haihuwarka, da ranar haihuwarka da lambar wayarka da Faransanci. Ka haddace su kamar karatun allo. Lambobin saba'in zuwa casa'in da tara su ne suke ba da wahala, saboda Faransanci yana cewa sittin da goma a wurin saba'in, ashirin huɗu a wurin tamanin, don haka mai rubutawa zai iya sa 60 da 10 inda kake nufin 70 idan ka yanka maganar. Ka riƙe kalmomi huɗu: gishe ita ce tagar da ake karɓar takardu, dosiye tarin takardunka, tambur ɗan kan sarkin da ake liƙawa, resipise kuma takardar shaidar cewa an karɓi dosiyenka. Kada ka bar tagar ba tare da ita ba. Kafin ka fita, ka sa a karanta maka sunanka yadda aka rubuta shi, domin harafi ɗaya tsakanin Mahamadu da Mamadu yana iya mayar da kai farkon layi bayan watanni.

Mai gidan haya ya ce kosiyon da abans. Ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Abans kuɗin haya ne da ka biya tun kafin watan ya zo, kosiyon kuma ajiya ce da ya kamata a mayar maka ranar fita idan ba ka ɓata ɗaki ba. Ka karɓi takardar biya ta kowanne daban.

Maƙwabta kuma, me zan ce musu?

Wannan ne ya fi sauƙi, shi ne kuma kuka fi sakaci da shi, abin da yake ɓata mini rai. Yawancinku a gidan haya mai tsakar gida ɗaya za ku zauna, famfo ɗaya da bayi ɗaya, ana raba kuɗin ruwa da na wuta, kuma wanda ba ya gaisuwa shi ake fara zargi idan wani abu ya ɓace. Da safe ka ce i ni sogoma, da yamma i ni wula, da dare i ni su, godiya kuma i ni ce. Idan aka gaishe ka, namiji nba yake amsawa, mace kuma nse, kada ka haɗa su. Matar da ta girme ka tanti ce, namijin tonton. Akwai kuma kalmar yako, wadda kowa a Abijan yake ji ko wace ƙabila ce shi, kuma tana zaune a wurin sannu da muke yi wa marar lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa ko wanda ya yi tuntuɓe. Idan aka yi rashi a gidan, ka shiga ka zauna ka faɗe ta, ko da ita kaɗai ka iya. Kuma ku daina zancen maƙwabta da Hausa a gabansu kuna dariya, domin ko bai ji kalmomin ba ya san da shi ake, wasunsu kuwa sun daɗe da mu har suna ji sarai.

Wata nawa zan yi kafin in iya?

Ƙidaya da gaisuwa, idan ka tsaya musu, mako biyu sun isa, kuma kana iya fara su tun a nan Tawa wajen waɗanda suka dawo. Sauran ya danganta da ko za ka fito daga cikin ƴan garinku da rana ko za ka wuni tare da su.